Matsalar Masana Falsafa Biyar: Yadda Manhaja Ke Sarƙewa da Hanyoyin Hana Ta

Duk mai riƙe da wayar Android ya taɓa ganin wannan abu: ana cikin amfani da manhaja sai ta tsaya cak, a danna nan shiru, a danna can shiru, can sai ga saƙo ya fito yana tambaya ko a rufe ta ko a jira. Android na fito da wannan saƙo ne idan manhaja ta kai kimanin daƙiƙa 5 ba ta amsa taɓawar allo ba. Dalilan da ke jawo haka suna da yawa, amma akwai guda ɗaya da ya fi ba masu rubuta manhaja ciwon kai, domin a cikinsa babu abin da ya lalace, babu kuma lissafin da ya kuskure. Sassan manhajar ne kawai suka zauna suna jiran juna, kuma babu wanda zai motsa har abada. A wannan darasi za a kira wannan yanayi da sunan sarƙewa. A saƙonnin kuskure da kwamfuta ke fitarwa, kalmar da ake gani ita ce `deadlock`.

Akwai wani tsohon misali da ake koyar da wannan matsala da shi a duk duniya, wato labarin masana falsafa biyar da suka zauna cin taliya.

Asalin labarin

A shekarar 1965, Edsger Dijkstra, masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holand da ke koyarwa a garin Eindhoven, ya ba ɗalibansa wata tambayar jarrabawa a kan kwamfutoci da ke takarar amfani da na'urorin faifan ajiya. Daga baya masanin Birtaniya Tony Hoare ya taimaka wajen ba ta siffar da aka san ta da ita a yau.

Ga yadda labarin yake. Masana biyar suna zaune a kewaye da teburi mai da'ira. Kowa da kwanon taliya a gabansa. Tsakanin kowane mutum biyu akwai cokali mai yatsu guda ɗaya, wato cokula biyar ke nan gaba ɗaya. Taliyar tana da santsi, ba ta ciyuwa sai da cokali biyu, na hagu da na dama. Aikin kowane masani biyu ne kacal: ya yi tunani, idan yunwa ta kama shi ya ci, ya ajiye cokula, ya koma tunani. Ba sa magana da juna, kuma ba a fizge cokali daga hannun wani.

Tambayar ita ce: wace ƙa'ida za a ba su, wadda idan kowa ya bi ta, cin abinci ba zai taɓa tsayawa ba?

Me ya haɗa wannan da waya?

Manhaja ba ta yin aiki ɗaya a lokaci guda. Yayin da mutum ke rubuta saƙo, wani sashe na manhajar na sauko da hoto, wani kuma na adana hirar a ma'ajiya. Kowane irin wannan sashe ana ce masa zare, wanda a cikin rubutun manhaja ake rubutawa `Thread`. Idan zare biyu suka taɓa bayani ɗaya a lokaci guda, suna iya dagula shi. Shi ya sa ake sa wa bayanin makulli, wato `Lock`: wanda ya riga ɗauka shi ke aiki, sauran su jira sai ya saki.

To masanan nan su ne zaruruwa, cokulan kuma su ne makullai. Cin taliya shi ne duk wani aiki da ba ya yiwuwa sai an riƙe makulli biyu a tare.

Ƙa'idar da ta fi sauƙi, da yadda take kashe aiki

Abin da zai fara zuwa ran kowa shi ne: ɗauki cokalin hagu, sannan na dama, ka ci, ka ajiye. Ga shi a harshen Python, wanda za a iya gwadawa a kan wayar Android ta hanyar Termux ko Pydroid 3:

```python
import threading, time

cokula = [threading.Lock() for _ in range(5)]

def masani(i):
    hagu = cokula[i]
    dama = cokula[(i + 1) % 5]
    while True:
        with hagu:
            time.sleep(0.1)
            with dama:
                print(i, "yana cin taliya")

for i in range(5):
    threading.Thread(target=masani, args=(i,)).start()
```

An ba masanan lambobi daga 0 zuwa 4, haka ma cokulan. Masani na 0 yana buƙatar cokali 0 da 1, na 1 yana buƙatar 1 da 2, haka har zuwa masani na 4, wanda ke buƙatar cokali 4 da cokali 0, domin teburin da'ira ne. Wannan zagayowa ita ce aikin `% 5`.

Idan aka kunna wannan rubutu, abin da za a gani shi ne allo babu komai. Babu saƙon kuskure, kuma manhajar ba ta rufe ba. Abin da ya faru shi ne, masani na 0 ya ɗauki cokali 0, na 1 ya ɗauki 1, na 2 ya ɗauki 2, na 3 ya ɗauki 3, na 4 ya ɗauki 4. Cokula sun ƙare a kan teburi. Yanzu na 0 yana jiran cokali 1 da ke hannun na 1, shi kuma yana jiran na 2, har a zagayo kan na 4 da ke jiran cokali 0. Kowa ya riƙe ɗaya yana jiran ɗaya, an koma zaman jiran gawon shanu.

Layin `time.sleep(0.1)` an sa shi ne da gangan, don a ba kowa damar ɗaukar cokalin hagu kafin wani ya kai hannu ga na dama. Idan aka cire shi, rubutun na iya yin aiki lafiya na ɗan lokaci, masana su yi ta ci, sannan ba zato ya tsaya. Wannan shi ne mugun halin sarƙewa. Kuskuren yana nan tun farko, amma ba ya bayyana sai lokutan zaruruwan sun zo daidai. Mai manhaja zai iya gwada ta sau ɗari a wayarsa bai ga komai ba, sai ta je hannun dubban mutane masu wayoyi iri-iri sannan ƙorafi ya fara shigowa.

Sharuɗɗa huɗu

A shekarar 1971, Edward Coffman da abokan aikinsa suka bayyana cewa irin wannan sarƙewa ba ta faruwa sai abubuwa huɗu sun haɗu:

1. Abin da ake takara a kansa mutum ɗaya ne ke iya riƙe shi a lokaci guda.
2. Wanda ya riƙe abu ɗaya yana ci gaba da riƙe shi yayin da yake jiran na biyu.
3. Ba a ƙwace abu daga hannun wanda ya riƙe shi.
4. Jiran ya zama da'ira: wannan na jiran wancan, har a dawo kan na farko.

Mai bin hanyar kasuwa da yamma ya san wannan hoto: a mararrabar da babu danja, adaidaita sahu sun shigo daga ɓangarori huɗu, kowa ya tare gaban na kusa da shi, babu mai ja da baya. Amfanin sanin sharuɗɗan shi ne, ba sai an rushe duka huɗun ba. Guda ɗaya ya isa. Sharaɗi na farko yawanci ba a taɓa shi, domin shi ne dalilin sa makullin tun asali. Don haka a kan sauran ake aiki.

Hanya ta farko: a ɗauki ƙaramar lamba tukuna

Wannan hanya tana karya da'irar. Ƙa'idar ita ce, kowane masani ya manta da hagu da dama, ya dubi lambobin cokulansa biyu, ya fara ɗaukar mai ƙaramar lamba. Layi biyu kawai za a sauya:

```python
    hagu = cokula[min(i, (i + 1) % 5)]
    dama = cokula[max(i, (i + 1) % 5)]
```

Ga masana na 0 zuwa na 3 babu abin da ya canza. Masani na 4 kaɗai abin ya shafa: cokulansa su ne 4 da 0, don haka yanzu zai fara da 0.

A sake duba mummunan yanayin nan, inda yunwa ta kama su duka a lokaci guda. Masani na 0 da na 4 duk sun kai hannu ga cokali 0. A ce na 0 ya riga. To na 4 zai zauna jira hannu rabbana, bai riƙe komai ba. Na 1 ya ɗauki cokali 1, na 2 ya ɗauki 2, na 3 ya ɗauki 3. Cokali 4 yana nan a kan teburi babu wanda ya taɓa shi. Sai na 3 ya ɗauka, ya cika biyu, ya ci, ya ajiye. Da ajiyewarsa cokali 3 ya samu ga masani na 2, shi ma ya ci, haka abin zai warware har kan na 0.

Idan kuwa na 4 ne ya riga ɗaukar cokali 0 fa? To na 0 ne zai jira babu komai a hannu. Na 3 da na 4 duk suna neman cokali 4 a matsayin na biyunsu, kuma duk wanda ya samu a cikinsu ya cika biyu ke nan. Ta kowace fuska wani zai ci.

Ba sa'a ba ce ta jawo haka. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida, duk wanda ya riƙe cokali yana jiran wani, to wanda yake jira ya fi na hannunsa girman lamba. Idan aka bi layin masu jira, lambobin hawa suke yi kullum. Abin da ke hawa kullum ba zai iya zagayowa ya dawo inda ya fara ba, kamar yadda mai hawa bene ba zai tsinci kansa a ƙasa ba alhali bai sauko ko taki ɗaya ba. Babu da'ira, babu sarƙewa.

Iyakar wannan hanya guda biyu ce. Ta farko, dole a san duk makullan da aiki zai buƙata kafin a fara ɗauka. Idan zare ya riƙe makulli mai lamba 7 sannan ya gano yana buƙatar mai lamba 3, dole ya saki 7, ya ɗauki 3, ya sake ɗaukar 7. Ta biyu, dole kowa ya bi ƙa'idar. A manhajar da mutum goma ke rubutawa, mutum ɗaya da ya juya tsarin a wuri ɗaya ya isa ya dawo da matsalar.

Hanya ta biyu: mai tsaron ƙofa

A nan ba a taɓa tsarin ɗaukar cokula. Sai dai a sa mai gadi a ƙofar ɗakin cin abinci, wanda ba ya barin fiye da mutum huɗu su zauna a lokaci guda. Abin da ake yin wannan da shi sunansa `Semaphore`, wani ma'ƙirgi ne da shi ma Dijkstra ya ƙirƙiro:

```python
kofa = threading.Semaphore(4)

# a cikin while True:
        with kofa:
            with hagu:
                with dama:
                    print(i, "yana cin taliya")
```

Lissafin mai sauƙi ne. Mutum huɗu, cokula biyar. Ko da kowannensu ya ɗauki na hagunsa, cokali ɗaya zai rage, kuma wannan cokalin shi ne na daman wanda ke zaune kusa da kujerar da babu kowa. Shi zai ci, ya tashi, sauran su biyo baya. Da'irar tana buƙatar mutum biyar kafin ta rufe, mai gadi kuma ya hana na biyar shiga.

Kyan wannan hanya shi ne duk masanan ƙa'idarsu ɗaya. Rauninta kuma shi ne adadin 4 ya dace ne da wannan teburi kawai. A manhaja ta gaske, inda zaruruwa ke buƙatar makullai daban-daban, ba kullum ake iya samun adadi guda da zai ba da tabbaci ba.

Hanya ta uku: idan ba ka samu ba, ka saki

Wannan tana kai hari ne ga sharaɗi na biyu. Masani ya ɗauki cokalin hagu, ya jira na dama na ɗan lokaci. Idan bai samu ba, ya ajiye na hannunsa, ya huta, ya sake gwadawa:

```python
        hagu.acquire()
        if dama.acquire(timeout=0.5):
            print(i, "yana cin taliya")
            dama.release()
            hagu.release()
        else:
            hagu.release()
            time.sleep(random.random())
```

Sai an ƙara `import random` a sama kafin ya yi aiki, kuma layin ƙarshen nan shi ne ruhin hanyar. A ɗauka babu shi. Duk su biyar sun ɗauki na hagu tare, sun jira rabin daƙiƙa tare, sun ajiye tare, sun sake ɗauka tare. Kowa na motsi amma babu mai ci. Ya yi kama da mutum biyu da suka haɗu a ƙunƙuntar lungu, wannan ya kauce dama wancan ma ya kauce can, su yi ta yi babu wanda ya wuce. Hutun da tsawonsa ya bambanta tsakanin masani da masani shi ke raba su, ɗaya ya dawo kafin maƙwabcinsa. Sai dai wannan hanya ba ta ba da tabbacin lokacin da mutum zai ci, tana dai sa ya yi wuya ƙwarai a ci gaba da karo.

Yunwa: matsalar da ke saura

Hana sarƙewa ba ya nufin an yi adalci. Da cokula biyar, mutum biyu ne kawai ke iya ci a lokaci guda, kuma ba za su zama maƙwabta ba. A ɗauka an kafa dokar cewa masani ya ɗauki cokula biyu a tare ko ya bar su duka. Wannan doka tana hana sarƙewa. Amma a dubi masani na 2. Na 1 yana ci da cokali 1 da 2. Kafin ya gama, na 3 ya fara ci da cokali 3 da 4. Kafin na 3 ya gama, na 1 ya sake dawowa. Cokulan masani na 2 ba su taɓa zama a ajiye a lokaci guda ba. Teburi na ta aiki, shi kuwa yana mutuwa da yunwa.

A waya, wannan shi ne irin yanayin da manhaja ke aiki lafiya amma wani aiki guda ya ƙi ƙarewa. Maganinsa shi ne a shigo da layi ko fifiko ga wanda ya daɗe yana jira. A shekarar 1984, Mani Chandy da Jayadev Misra suka fito da wata dabara a kan haka: cokalin da aka ci abinci da shi ya zama mai datti, kuma idan maƙwabci ya roƙe shi, dole a wanke a miƙa masa. Mai riƙe da wankakken cokali kuwa ba ya bayarwa sai ya ci. Ta haka wanda ya ci yanzu ke komawa bayan wanda bai ci ba.

Misali na zahiri: tura kuɗi

A ɗauki tsarin tura kuɗi ta waya. Wani yana tura naira 5,000 daga asusu mai lamba 15 zuwa asusu mai lamba 40. Don kada kuɗi su ɓace a tsakani, tsarin na kulle asusun mai turawa, sannan na mai karɓa, ya cire a nan ya zuba a can. A daidai wannan lokacin, mai asusu 40 shi ma yana tura naira 2,000 zuwa asusu 15.

Zare na farko ya kulle 15 yana neman 40. Zare na biyu ya kulle 40 yana neman 15. Teburin masana ne, sai dai mai kujera biyu. Gyaran kuma shi ne hanya ta farko: a daina kallon wane ne mai turawa, a fara kulle asusun da ya fi ƙaramar lamba. Duk zaruruwan biyu za su fara neman 15. Wanda ya samu zai wuce ya ɗauki 40 ya gama aikinsa, ɗayan kuma ya jira bai riƙe komai ba.

Manyan ma'ajiyoyin bayanai suna da wata kariya ta daban, wadda ke rushe sharaɗi na uku. PostgreSQL, alal misali, idan aiki ya jira makulli na tsawon daƙiƙa ɗaya, a saitinsa na asali, yakan bincika ko akwai da'irar jira. Idan ya samu, sai ya soke aiki ɗaya da saƙon `deadlock detected`, ya ƙwace makullansa, ɗayan ya wuce. Nauyin mai rubuta manhaja ne ya kama wannan kuskure ya sake gwada aikin da aka soke.

Yadda ake gane ta

Alama ta farko ita ce shiru. Zaren da ya sarƙe barci yake yi, ba ya cin ƙarfin furosesa. Don haka manhajar da ta daskare amma aikin furosesa ya yi ƙasa, ana iya zargin sarƙewa ko jiran wani abu da bai iso ba. Wadda ta daskare kuma waya na ɗaukar zafi, batir na zuba, ta fi kama da zaren da ke juyawa a wuri ɗaya. Alama ta biyu ita ce, jira ba ya magani. Idan matsalar rashin ƙarfin sabis ce, tana iya warwarewa da kanta. Sarƙewa kuwa sai an rufe manhajar gaba ɗaya.

Mai rubuta manhaja yana tabbatarwa ne ta hanyar duba abin da kowane zare ke yi a lokacin da aka tsaya. A manhajar Java da ke kan kwamfuta, umarnin `jstack` yakan nuna `Found one Java-level deadlock` tare da sunayen zaruruwan. A Android, rahoton da `adb bugreport` ke fitarwa yana ɗauke da bayanan daskarewar, inda ake neman layukan da ke da `waiting to lock` da `held by thread`. Sai a ɗauki takarda a ja kibiya daga kowane mai jira zuwa wanda ya riƙe abin da yake jira. Idan kibiyoyin suka zagayo suka haɗu, an kama ɓarawon.

Gwaji

Wanda ke son abin ya zauna masa sosai, ya kunna rubutun farko ya ga ya tsaya. Sannan ya sauya layuka biyun nan na `min` da `max`, ba tare da cire `time.sleep(0.1)` ba, ya ga taliya ta fara ciyuwa. Daga nan ya ƙara jerin lambobi biyar da zai riƙa ƙirga sau nawa kowane masani ya ci, ya bar shi ya yi minti ɗaya, ya kwatanta adadin. Idan wani masani ya samu kaso kaɗan ƙwarai a kan sauran, to an ga bambancin hana sarƙewa da hana yunwa da ido.